Kuɗin mota a wurin koyon aiki

Tambaya: Yaya, wuri biyu sunka ɗauke ni SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, wata shida. Wani ofis a Kalambaina zai ba ni ₦25,000 duk wata, ɗakin gwajin jini a Mabera kuma ba ko sisi. Ina Mabera da zama. Wanne zan ɗauka, kuma in na roƙi kuɗin mota ba za su ga zalamata ba?

Amsa:

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, ɗauki biro tukuna. Daga Mabera zuwa Kalambaina ƙetare gari za ka yi, kabu-kabu ko Keke Napep hawa biyu. Mu ƙaddara zuwa da dawowa ₦1,200 ne a rana. Kwana 22 na aiki, ₦26,400 ke nan, ba a sa abincin rana ba. Ka ga albashin nan ya ƙare a hanya, har da ciko daga aljihun Baba. Kada kuma ka dogara da alawus ɗin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, bai taka kara ya karya ba, kuma yakan makara ƙwarai.

Ni da zan zaɓa, ɗakin gwajin zan je, amma sai na leƙa tukuna. Ka tafi da hantsi ka ga ɗaliban da ke wurin. In ka tarar da su da safar hannu, ana nuna musu yadda ake duba jini a madubin likita, to wurin koyo ne. In kuwa suna benci suna latsa waya, sai an aike su sayen ruwan sanyi, to aikin banza za ka yi kyauta. Ka tambayi kuma wa ke sa hannu a littafinka na koyon aiki duk mako.

Maganar kuɗi kuma, lokacinta bayan sun ce sun ɗauke ka, kafin ranar farko. Kada ka ce albashi, kalmar na sa mai wuri ya ɗaure fuska. Same shi shi kaɗai, ba gaban ma'aikata ba. Ku gaisa da kyau, ka yi godiya, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, na yi lissafin zirga-zirgata, tana kama ₦400 a rana, wajen ₦9,000 a wata. Ko akwai abin da ake taimaka wa ɗalibai da shi na mota?" Daga nan ka yi shiru, bar shi ya amsa. Mu lokacin da munka yi namu, wani abokina cewa ya yi "ko mi anka samu", aka ba shi dubu biyu sau ɗaya, maganar ta mutu.

In ya ce babu, kada ka ja. Nemi a sake dubawa bayan wata ɗaya, ko a ɗauke maka zuwa ranar Asabar. In ya amsa kuwa, da ka koma gida tura masa saƙon godiya, ka ambaci adadin da ranar biya a ciki, don kada ƙarshen wata a ce ba a tuna ba.