An ba ni sifili a jarrabawar da na rubuta: ina zan kai ƙara?

Wani ɗalibi a wata jami'ar gwamnati a arewacin Kamaru ya ce ya zauna jarrabawa, ya sa hannu a takardar halarta, amma da aka liƙa sakamako sai ya ga sifili. Sau da dama yana zuwa wurin shugaban sashe, kullum amsar ita ce "za a duba". Wata guda ke nan.

Ƙanena, "za a duba" ba ta da matsayi a gaban doka. Abin da ka faɗa da baki, gobe za a iya cewa ba a ji ba. Yau ɗin nan ka rubuta takardar koke, wadda ɗalibai ke kira reket. Ka sa lambarka ta ɗalibi, sunan darasin da ranar jarrabawar, ka haɗa da hoton sakamakon da rasidin kuɗin makaranta, ka nemi abu ɗaya tak: a fito da takardar amsarka da ta halarta, a gyara makin. Ka yi kwafi biyu. Sakatare ya karɓi ɗaya, ya buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayan, ka adana shi. Wannan hatimin shi ne shaidarka a duk inda maganar ta kai.

Idan sashe ya yi shiru, ka rubuta wa shugaban tsangaya, daga nan sai shugaban jami'a, kowane da kwafin takardar baya. Kada ka tsallake, don ofishin sama yakan mayar da mutum ƙasa. Kada kuma ka zargi malami da mugunta ba hujja, zancen zai iya juyewa kanka.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne lokaci. Dokar 29 ga Disamba 2006 kan kotunan shari'ar gudanarwa ta ce kotu ba ta sauraron ƙara sai mutum ya fara roƙon hukumar ta janye hukuncinta, cikin wata 3 daga ranar da aka bayyana shi. Ka aika wannan roƙon ga shugaban jami'a, shi ke wakiltarta a shari'a, kuma kada ka ɗauka reket ɗin sashe ya tsayar maka da lissafi. Wata ɗaya ya riga ya tafi, saura 2. Idan shugaban jami'a ya yi shiru wata 3 bayan roƙon, doka ta ɗauka ya ƙi, sai ka sami kwana 60 ka shigar da ƙara a kotun yankinka, Marwa, Garwa ko Ngaundere.

Alƙali ba zai sake duba amsarka ya ce 12 ta dace da kai ba 8 ba, wannan hurumin malamai ne. Amma takardar da ta ɓace ko makin da aka shigar ba daidai ba, kuskure ne da ake iya tabbatarwa, kuma naka irin wannan ne.