Ɗaci, bauri da tsami: yadda ake koya wa baki rarrabe su

Tambaya: Malam, ina sayar da sobolo, wato zoɓon sha, a Aboabo, nan Kumasi. Wani mai saye yakan ce ya yi ɗaci, wani ya ce bauri, wani kuma ya ce tsami ne ya yi yawa, alhali tukunya ɗaya ce. Shin kalmomin nan ba abu ɗaya suke nufi ba? Kuma ta yaya zan koya wa bakina gane bambancinsu don in san abin da zan gyara?

Amsa: Hajiya, kalmomi uku ne masu ma'ana uku, kuma kowacce tana da alamar da ake gane ta da ita a cikin baki. Tsami shi ne abin da lemon tsami, tsamiya da nonon da ya kwana suke yi, alamarsa kuwa ita ce yau ya tsinke wa mutum nan take. Ɗaci shi ne na shuwaka, maɗaci da ganyen dogon-yaro, yana ɗan jinkiri kafin ya bayyana, sa'an nan ya daɗe a can ƙarshen harshe bayan an haɗiye. Bauri kuma shi ne na goro, ɗanyar ayaba da shayin da ya jiƙa ya wuce kima, kuma idan za a bi diddigi, shi ba ɗanɗano ba ne irin na sauran biyun. Wasu sinadarai ne da ke cikin waɗannan abubuwa suke kama sinadaran da ke sa yau santsi, sai baki ya bushe, harshe ya yi kaushi, ya riƙa kama dasashi. Saboda haka tsami yana kawo yau, bauri yana ɗauke santsinsa, kuma zoɓo yana da su duka biyun, abin da ya sa masu sayenki suke saɓa wa juna a kan kofi ɗaya.

Hausa ta tanadi wani rukuni na musamman domin irin waɗannan kalmomi. Ki dubi zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, garɗi, zartsi, ƙanshi, wari, ɗoyi, ƙarni da ƙauri, za ki ga duka gaɓa biyu gare su, gaɓar farko mai nauyi, kuma duka suna ƙarewa da wasalin i. Wani masanin Hausa mai suna F. W. Parsons ya yi nazarin wannan rukuni a 1955, ya nuna cewa sunaye ne na abin da jiki yake ji, kuma daga cikinsu ake samo siffofi irin su zazzaƙa daga zaƙi da tsattsama daga tsami. A nan zango kuwa da yawa daga cikinmu ba ma bambanta k da ƙ a furuci, sai ƙauri, wato warin abin da ya ƙone, ya koma kauri, wanda yake kishiyar siranta. Idan za ki rubuta abin da kika ji, ki kula da lanƙwasar, domin kunun da ya yi kauri daban yake da kunun da ya yi ƙauri.

Kalma ba ta zama a baki sai an ɗaura ta a kan wani abu da baki ya sani, don haka ga gwajin farko. Ki samo kofuna huɗu masu tsabta, ki zuba wa kowanne rabin ledar ruwan sha, wato kwatan lita. A na farko ki matsa ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lemon tsami. A na biyu ki murza ganyen shuwaka ɗaya da ba a riga an wanke ɗacinsa ba, ki tace. Na uku da na huɗu ruwan zafi za ki zuba, ki sa jakar shayi ɗaya a kowanne, ki cire ta farko bayan minti biyu, ki bar ɗayar har minti takwas, sa'an nan ki bar su su huce ba tare da sukari ko madara ba. Ki kurɓi kaɗan daga kofin farko, ki riƙe a baki kamar daƙiƙa biyar, ki haɗiye, sa'an nan ki yi wa kanki tambayoyi biyu kawai: yau ya ƙaru ko ya ragu, kuma idan na goga harshe a ganɗa, yana sulɓewa ko yana kamawa? Ki kuskure baki da ruwa, ki jira minti ɗaya, ki wuce na gaba.

Lemon zai kawo yau. Shuwakar za ta yi ɗaci, amma harshe zai ci gaba da sulɓewa yadda ya saba. Shayin minti takwas shi ne zai kama harshe, kuma idan kika koma kan na minti biyu za ki ji bambancin sarai, ko da yake ganye ɗaya ne. Gaskiya ne shayin da ya daɗe yana da ɗan ɗaci tare da baurinsa, kamar yadda goron da kakanninmu suke fatauci daga nan Asante zuwa ƙasar Hausa yake da su duka biyun, amma akwai hanyar raba su. Ki raba shayin minti takwas gida biyu, ki sa wa rabi ɗan gishirin da bai kai a ji shi ba, ki sa madara cokali biyu a ɗaya rabin. Gishiri kaɗan yana danne ɗaci, amma harshe zai ci gaba da kamawa. Madara kuwa tana rage bauri, domin sinadaran da ke kama yau sai su kama na madarar a maimakonsa. Abin da gishiri ya rage shi ne ɗaci, abin da madara ta rage shi ne bauri. Sai dai kada ki gwada madarar a cikin zoɓo, domin tsaminsa zai sa ta guntse.

Bayan kwana uku ko huɗu kina yin haka, ki sa wani yaro ya jujjuya kofunan alhali idonki yana rufe, ki faɗi sunan kowanne. Idan kika faɗi daidai sau uku a jere, ki ninka ruwan da ke cikin kowane kofi, ki sake. Horon ke nan, wato a riƙa rage ƙarfin abin har baki ya iya kama shi yana ɗan kaɗan. Kada ki yi gwajin da goro a baki, ko bayan goge haƙori da man goge baki, ko lokacin mura, kuma kada ki wuce kurɓi uku na abu mai bauri a zama ɗaya, domin shi taruwa yake yi, kurɓi na biyar ya fi na farko kama baki ko da abin bai canja ba.

Sauran aikin na hanci ne, kuma a nan ne karin maganar nan take da amfani, wadda ke cewa hanci bai san daɗin gishiri ba. Ana faɗinta ga wanda aka ba abin da bai san darajarsa ba, amma a zahirinta ma daidai take, domin gishiri da sukari ba su da ƙanshi. Juyinta ma gaskiya ne: harshe bai san ƙanshin citta ba. Ki toshe hanci da yatsu biyu, ki tauna ɗan yankin ɗanyar citta, ba za ki ji komai ba sai yaji, wanda shi ma zafi ne da jijiyoyin baki suke ji. Ki saki hancin kina fitar da numfashi ta cikinsa, nan take cittar za ta bayyana, domin ƙanshin yana hawa ne daga baki zuwa hanci ta bayan maƙogwaro. Kalmar ji ce take ɓoye mana wannan, tun da da ita muke jin zaƙi, mu ji ƙanshi, mu ji zafi, har mu ji magana. Ki maimaita da soyayyiyar gyaɗa, da kimba, da daddawa, ki bar kanumfari a ƙarshe saboda yana kashe harshe na ɗan lokaci, kuma kada ki wuce abu huɗu a zama ɗaya, domin hanci yana gajiya da wuri.

A ganina Hausa ta fi wadata a wajen sunayen wari fiye da na ƙanshi. Muna da ƙarni na kifi, jini da ɗanyen ƙwai, da ƙauri na ƙuna, da hamami na bunsuru, da ɗoyi na ruɓa, amma abu mai daɗin shaƙa kusan duka ƙanshi muke ce masa. Mafita ita ce a jingina shi ga tushensa, a ce ƙanshin bawon abarba, ƙanshin citta busasshiya, ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Wanda ya ce sobolo yana da ƙanshi bai faɗa miki komai ba, wanda ya ce ƙanshin kanumfari ya danne na abarba ya ba ki abin gyara.

Na taɓa yin wannan da wata ƙanwata da take dafa zoɓo domin taron suna, tana kukan cewa ya yi ɗaci, tana ta ƙara sukari abin bai gyaru ba. Muka ɗebi kofi kafin a sa sukari. Yau ya tsinke, wato akwai tsami, kuma wannan halin zoɓo ne. Harshe ya kama ganɗa sosai, wato akwai bauri. Bayan haɗiyewa kuma wani ɗaci ya tsaya a baya, wanda ya ragu da muka sa ƙwayoyin gishiri. Da muka toshe hanci ɗacin yana nan, wannan ya nuna ba ƙaurin gindin tukunya ba ne hanci yake kawowa. Da muka bi yadda ta dafa, sai muka tarar ta bar zoɓon a kan wuta kusan awa guda, kuma ta jefa lemon tsami yankakke da bawonsa da 'ya'yansa tun farko. Washegari muka raba zoɓo kashi uku daidai, da ruwa daidai. Na farko aka dafa yadda ta saba, na biyu aka dafa haka nan amma ba lemo, na uku aka tafasa minti goma aka sauke, aka matsa ruwan lemon bayan ya huce. Ɗacin ya ɓace a na biyu amma baurin yana nan, a na uku kuwa baurin ma ya sauka. Farin cikin bawon lemo da 'ya'yansa su ne suka kawo ɗacin, doguwar dahuwa ta kawo baurin, shi kuwa sukari yana iya lulluɓe tsami da ɗaci amma ba ya mayar wa harshe santsinsa.

Ki yi wa taki tukunyar irin wannan rabo, kina canja abu ɗaya tak a kowane kashi, ki rubuta a littafi abin da harshe ya ji, da yadda bakin ya kasance, da abin da hanci ya ji, kowanne a layinsa. Idan tsamin ne kaɗai ya yi yawa, ƙarin ruwa ya fi kanwa, domin kanwa tana kashe tsami amma tana juya jan zoɓo zuwa wani duhu mai shuɗi-shuɗi da mai saye ba zai yarda da shi ba.