Sitiyarin G29 ya ƙi daidaituwa a kwamfuta

Tambaya: Na sayi sitiyarin Logitech G29 na hannu da fedojinsa a Ikeja. Na haɗa da kwamfuta, amma da na ɗan murɗa sai motar cikin wasan ta wulƙita, kuma sitiyarin sakwaf yake, ba nauyi. Ina matsalar? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Ɗan'uwa, rufe wasan tukuna, mu fara da wuta. G29 yana da injina biyu a ciki, kuma wutar USB ba ta iya juya su. Sai da adaftarsa, wadda aka rubuta 24V 1.75A a jikinta. Kayan hannu sukan zo da adaftar da ba tasu ba, don haka karanta rubutun da idonka. Wayar fedoji da ta adafta su fara shiga gurbinsu a ƙarƙashin sitiyarin, ka ɗaure shi a tebur, makunnin da ke samansa ya koma kan PS4, ka jona wuta, sannan ka soka USB a jikin kwamfutar kai tsaye. Janye hannunka. Zai juya da kansa har ƙarshen kowane ɓangare, ya dawo tsakiya ya tsaya. In bai motsa ba, wuta ba ta kai ga injinan ba, kuma nan rashin nauyin ya samo asali. Duk sanda aka ɗauke wuta kuka koma janareta, ka zare USB ka mayar, ya sake wannan juyin.

Daga nan ka sa G HUB, manhajar Logitech ta saita sitiyarin, ka danna Windows da R tare, ka rubuta:

```
joy.cpl
```

Danna Enter, ka zaɓi G29 a jerin da ya fito, ka buɗe Properties. Taka totur, birki da kuloci ɗaya bayan ɗaya, ka ga kowanne yana motsa nasa layin. Birkin zai yi maka tauri, roba ce a cikinsa, haka aka ƙera shi.

Wulƙitawar kuwa lissafi ne. Sitiyarin nan yana juya digiri 900, wato zagaye biyu da rabi, 450 kowane ɓangare. A ce Operating Range, wato iyakar juyin sitiyari a G HUB, yana kan 270, wasan kuma yana zaton 900 ne. Yanzu 135 kawai gare ka kowane ɓangare, saboda haka in ka murɗa digiri 90 ka cinye kashi biyu cikin uku, wasan ya ɗauka 300 ka murɗa. Ina mota za ta zauna a titi? Mayar da shi 900, Sensitivity ya tsaya a 50, ka sa 900 a saitin wasan ma.

Gwajin da na fi yarda da shi: zaɓi kallon cikin mota, ka tsaya cak, ka murɗa har tambarin tsakiyar sitiyarinka ya kwanta a gefe. Na kan allo ma ya kwanta daidai haka. In ya zarce ko ya gaza, lambobin biyu ba su haɗu ba tukuna, ka koma ka duba.