Ya ce ya tura kuɗi sun yi yawa, in mayar masa da rarar

"Maigida, wani ya ga kaftanan nan uku da na ɗora a WhatsApp, muka daidaita a kan N84,000. Sai ya turo rasit na N184,000, wai hannunsa ne ya kuskure. Yana ta kira in tura N100,000 asusun ƙanensa, mahaifiyarsu na asibiti. Alat ya shigo mini. In tura?"

Kada ka tura ko kwabo, kuma kada ka kai kayan tasha tukuna. Ɗauko wayar ka zauna nan.

Alat ba kuɗi ba ne, saƙo ne kawai. Akwai masu iya aiko saƙo ya fito da sunan banki a sama, wani lokaci har ya faɗa cikin jerin saƙonnin bankinka na gaske. Rasit kuwa hoto ne, yaron da ya iya waya zai gyara adadin da ke ciki kafin shayinka ya huce. Buɗe manhajar bankin da kanka, ko ka danna lambar USSD ɗinsu, ka duba kuɗin da za ka iya cira, wurin da aka rubuta Available Balance. Idan da safe kana da N30,000, yanzu dole ka ga N214,000. In ka tarar da talatin ɗinka suna nan yadda suke, magana ta ƙare. Zai ce maka matsalar sabis ce, za su shigo anjima. To, a jira anjiman. Da ka biye masa, dubu ɗarin da za ta fita taka ce ta gumi, a haɗa da kaftanai uku, asarar N184,000 ke nan, kuma shadda da zaren surfani duk daga kuɗin shago aka saye su a kasuwar Wunti.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne idan ka duba ka ga kuɗin sun shigo da gaske. A nan ne manyan 'yan kasuwa ma suke faɗawa, don sun saba cewa da zarar kuɗi sun zauna, ciniki ya faɗa. Duba sunan wanda ya turo. Shin shi ne sunan da mai sayen ya ba ka? Sau da yawa ba shi ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, mutumin ya tallata wa wata baiwar Allah a Kano ko Jos wayar da ba shi da ita, da ta nemi lambar asusu sai ya ba ta taka. Ita ta biya N184,000 ɗin, shi kuma ya zagayo ta wajenka ya kwashe dubu ɗari da kaya. Wani lokacin kuma daga asusun wanda aka sace wa waya ko kati ake turowa. Ko ma wanne ne, ranar da mai kuɗin ya kai ƙara banki, sunanka za a gani a matsayin wanda ya karɓa. Za a iya daskarar da asusunka, abin da suke kira PND, kuɗi su shiga amma ba sa fita, har da kuɗin ɗinkin mutane da ke ciki. Daga nan sai 'yan sanda, kai ke bayani, shi layinsa a kashe.

Shi ya sa wannan maganar ta "asusun ƙanena" ta tsaya mini. Wanda ya yi kuskure da gaske, asusunsa yake so a mayar wa kuɗinsa. Ga kuma gaggawa da labarin asibiti, don kada ka samu sararin tunani. Ya san irinku masu tsoron cin haƙƙin wani, da wannan tsoron yake farauta.

In kuɗin sun shigo, kada ka taɓa su, ko na kayan. Rubuta masa cewa ya kai ƙorafi bankinsa da lambar shaidar turawar, Session ID mai lamba 30 da ke jikin rasit, bankinsa ya tuntuɓi naka. Kai kuma gobe da safe ka je reshen bankinka da katin shaida, ka rubuta cewa kuɗin da ba naka ba sun shigo, a mayar da su inda suka fito, ka karɓi kwafin takardar da hatiminsu. Ni na fi son a mayar da duka N184,000, sannan in yana son kaftanan ya sake turo N84,000 daidai, daga asusu mai sunansa. Mai gaskiya zai ɗan yi ƙorafin ɓata lokaci amma zai bi. Ɗayan kuwa zai fara da rantsuwa, ya koma zagi, har ya ce zai turo maka hukuma. Kada ka goge komai. Ɗauki hoton hirar tun daga sallama, da lambarsa, da lambar asusun da ya ce ka tura.

Kaftanan kuma ka mayar da su kan rataya, ka bar tallan a WhatsApp yadda yake. Yanzu buɗe manhajar mu ga nawa ke ciki.