Daga lakcar kwaleji zuwa darasin minti 40

*Malam, an tura ni koyarwar gwaji, an ba ni aji biyu na ƙaramar sakandare, darasin kimiyya. Batun makon gobe shi ne yadda ruwa ke ƙafewa ya koma tururi. Ina da lakcar da aka yi mana a kwaleji a kan haka, shafi tara da silaid 34. Mai duba mu zai zo, yana son ganin tsarin darasi, kuma makarantar tana da majigi. Yaya zan rage lakcar ta dace da yaran?*

Ɗana, rufe lakcar nan tukuna ka ajiye ta gefe. Idan ka zauna kana yanke mata layi-layi, abin da zai fito ƙaramar lakca ce, kuma yaro ɗan shekara 12 ko 13 ba zai amfana da ita ba komai gajartarta. An yi ta ne domin kai ka san batun har gindinsa. Za ka koma mata daga baya, ka duba ko abin da za ka faɗa wa yaran daidai ne.

Fara da zuwa wurin malamin da ka karɓi ajin daga hannunsa, ka nemi jadawalin darussan zangon, wanda aka ciro daga manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatun makarantu a Najeriya, da littafin da yaran ke amfani da shi. Ka karɓi littafin rubutun yaro ɗaya ko biyu ka ga inda suka tsaya. Idan an riga an koya musu cewa abu yana iya zama daskararre ko ruwa-ruwa ko iska, kuma ƙwayoyinsa suna motsi, to kana da wurin dasa ƙafa. Wannan shi ne abin da za ka rubuta a tsarin darasinka, a gurbin ilimin da ɗalibai ke da shi, ba wai ka rubuta "sun san ruwa" don cike gurbi ba.

Sai ka tambayi kanka abu ɗaya: idan aka kaɗa ƙararrawa, me yaro zai iya yi wanda bai iya ba da safe? Amsar ita ce manufar darasinka, kuma biyu ko uku sun isa. A wannan batu ni zan sa: ya faɗi abin da ake nufi da ƙafewar ruwa, ya ambaci abubuwa uku da ke sa ta sauri, ya bayyana dalilin da ya sa ruwan tulu yake sanyi. Ka lura da "ya faɗi", "ya ambaci", "ya bayyana". Kada ka rubuta "ya sani" ko "ya fahimta", domin ba a ganin fahimta da ido, kuma jan biron mai duba ku nan zai fara sauka.

Yanzu buɗe lakcar da fensir a hannu. Duk abin da bai taimaki waɗannan manufofi uku ba, ya zauna a kwaleji. Na tabbata akwai lissafin `Q = mL` a ciki, da adadin zafin da kilo ɗaya na ruwa ke sha kafin ya koma tururi, wajen kilojul 2,260, da bayanin matsin tururi, da dalilin da ya sa ruwa ke tafasa ƙasa da digiri 100 a wuri mai tudu kamar Jos. Duk gaskiya ne, duk kuma ba na aji biyu ba ne. Amma kada ka zubar da ma'anar lissafin. Abin da yake cewa shi ne ruwa ba ya komawa tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa, kuma wannan jimla guda ita ce duk rabon yaran daga wancan shafi.

Akwai kuma batun jeri. Lakca takan fara da ma'ana, ta bi da ƙa'ida, misali ya zo a ƙarshe idan lokaci ya rage. Kai juya ta za ka yi: su gani da idonsu, su yi gardama, sannan ka ba abin suna.

Ga yadda zan raba mintunan. Ka san cewa 40 ɗin nan a takarda ne. Kafin wancan malami ya fita, a share allo, a nutsu, uku ko huɗu sun tafi. Da shigarka, jiƙa hankici biyu iri ɗaya, ka matse su daidai, ka shanya ɗaya a buɗe, ka dunƙule ɗaya ka ajiye kusa da shi, kada ka yi musu bayanin komai. Sai ka ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ka yi tabo biyu masu girma ɗaya a allo, nesa da juna. Kira yaro ya riƙa yi wa ɗaya fifita da kwali. Cikin ɗan lokaci wanda ake yi wa fifita zai bushe ya bar ɗan'uwansa, musamman a hunturu. Ka tambaye su ina ruwan ya tafi. Wannan ita ce gabatarwarka, minti biyar, ba ka ce ko "ma'ana" ba.

Ka saurari amsoshin da kyau, domin nan ne aikin yake. Wani zai ce allo ne ya shanye. Wani zai ce ya ɓace. Idan ka ce ya koma tururi, akwai mai wayon da zai ce ai ba a tafasa shi ba, kuma ba su ga tururi ba. Wannan yaron ya yi maka aiki, don kuskuren da yawancinsu ke ɗauke da shi ke nan: sun ɗauka ruwa ba ya zama tururi sai a kan wuta. Matakinka na farko, kamar minti goma, ka kashe shi a nan. Tafasa tana faruwa ne a cikin ruwan gaba ɗaya, da ɓulɓuli, idan zafi ya kai digiri 100 ko kusa da haka. Ƙafewa kuwa daga saman ruwan kawai take, a hankali, a kowane irin zafi, ko a inuwa. Ƙwayoyin da suka fi sauran ƙarfin motsi su ne ke kuɓucewa su shiga iska. Bayan sun yarda da wannan ne za ka rubuta `evaporation` a allo, su maimaita, su rubuta.

Mataki na biyu, wani minti goma, abubuwan da ke sa ta sauri. Iska sun riga sun gani a allo. Zafi kuwa tambaya ɗaya ta isa: wanki a rana da wanki a inuwa, wanne ke rigan bushewa? Faɗin wuri kuma, wato yadda aka baza abin ga iska, a sa yaro ya taɓa hankicin nan biyu ya faɗa wa aji abin da ya ji. Kula da cewa hankicin su zama iri ɗaya, a wuri ɗaya. Idan ɗaya na bakin taga ɗaya na lungu, ka canza abu biyu lokaci guda, gwajin ya lalace. Ka kuma gwada shi a gida kwana ɗaya kafin darasin. Da damina iska na da laima, hankici mai kauri ba zai nuna bambanci cikin minti 25 ba, sai ka nemi siririn ƙyalle.

Sannan tulu. Kowa ya ɗiga ruwa a bayan hannunsa ya hura, ya ji sanyi. Daga nan su da kansu za su kai ga amsar idan ka bi da su a hankali: jikin tulu yana da ƙofofi ƙanana, ruwa yana tsattsafowa, yana ƙafewa, yana tafiya da zafin na ciki. Ka ware minti biyar na kwafe gajeren rubutu, layi biyar ko shida, sai sauran su tafi a auna fahimta.

Tambayoyin auna fahimta ka rubuta su tun lokacin da kake rubuta manufofi, kowace manufa da tambayarta. Kada ka ce "kun gane?", don za su amsa "e" baki ɗaya ko da Sinanci ka yi. Tambayar da na fi so a wannan darasi ita ce: idan aka shafe tulu da fenti mai mai, ciki da waje, ruwansa zai yi sanyi? Wanda ya haddace ma'ana kawai zai tsaya yana kallonka. Wanda ya gane zai ce a'a, an toshe ƙofofin. Ka sa kowa ya rubuta amsarsa, ka zagaya har layin baya ka leƙa, don masu ɗaga hannu biyar na gaba ba su ne ajin ba.

Silaid ne na ƙarshe da za ka taɓa, bayan tsarin darasi ya kammala. Daga 34 ɗin nan da wuya ka ɗauki ko ɗaya yadda yake. Shida sun isa, kuma aikinsu nuna abin da alli ba zai iya ba. Na farko tambaya ce kaɗai, `Where did the water go?`, tana tsaye yayin da ake fifita. Na biyu zane ne na ƙwayoyi suna barin saman ruwa, kusa da na tukunya mai tafasa. Na uku ma'anar, jimla ɗaya. Na huɗu hotunan wanki a kan igiya. Na biyar hoton tulu yana gumi, wanda ka ɗauka da wayarka a gida ko a unguwa, ya fi duk wanda za ka sauko da shi daga intanet. Na shida tambayoyinka.

Girman rubutu kada ya gaza 28, baƙi a kan fari, domin ajinmu hasken rana ya yi masa yawa, launuka masu kyau a kwamfuta sukan dushe a bango. Ka je ajin bayan an tashi, ka kunna majigin, ka zauna a bencin ƙarshe ka karanta. Ka kuma sani cewa duk abin da ka haska, yara kwafewa za su yi, kuma ba sa kwafa suna sauraro a lokaci guda. Silaid mai layi takwas zai cinye maka minti biyar ba ka shirya ba. Idan kana son idanunsu su dawo kanka, danna harafin `B` a PowerPoint, bangon zai yi baƙi, ka sake dannawa ya dawo. Turancin ma ka sauƙaƙa shi. Yawancin waɗannan yara suna koyon harshen ne tare da kimiyyar, jimla mai kalma goma ta ishe su.

Wuta kuwa kada ka ba ta amana. Ajiye kwafin PDF a filas da kuma wayarka, sannan ka zana silaid na biyu a kwali da maka mai kauri. Shi kaɗai ne darasin ke matuƙar buƙata. Sauran ko allo ya ɗauke su. A tsarin darasinka, gurbin kayan koyarwa, ka jera hankici, tsumma, kofin ruwa, kwalin zane da majigi, kuma duk wanda ka rubuta ka tabbata ka yi amfani da shi, don mai duba ku yana bin takardar ne layi-layi yana kallon agogo. Kai wa malamin ajin ya duba ya sa hannu tun kafin ranar. Idan akwai wani aji biyun da kake shiga kafin zuwan mai dubawa, gwada darasin a can, ka rubuta a gefen takarda minti nawa kowane mataki ya ci, ka gyara rabon lokacin da abin da ka gani.