Sidi zuwa dala, dala zuwa sefa, sefa zuwa sidi: ribar gaske ce ko ta takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Nima ne a nan Accra, ina sarin atamfa daga Lome. A allon wani shagon canji na ga dala ɗaya sidi 12.20 ce, a Lome na ga dala ɗaya sefa 590, a wani shagon nan gida kuma na ga sefa dubu sidi 22.00. Na buga lissafi: sidi 12,200 su ba ni dala 1,000, dalar ta ba ni sefa 590,000, sefar ta dawo mini da sidi 12,980. Ribar 780 ke nan ba tare da na ɗauki kaya ba. Gaskiya ne, ko akwai inda na kauce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanyar da ka bi daidai ce, kuma tana da suna a kasuwar kuɗi, abitirej mai kusurwa uku, wato ka zagaya ta kuɗi uku ka dawo inda ka fara da fiye da abin da ka fita da shi. Ninkawarka ma ba kuskure. Matsalar tana cikin farashin da ka ɗauko, domin biyu daga cikin ukun ba naka ba ne.

Kowane allon canji yana da layi biyu, na saye da na sayarwa, kuma an rubuta su ne daga ɓangaren mai shago, ba daga naka ba. Layin saye shi ne abin da zai ba ka in ka kawo masa kuɗin waje, layin sayarwa shi ne abin da zai karɓa a hannunka in kai ne mai nema. Na sayarwa kullum ya fi tsada, kuma tazarar da ke tsakani ita ce abincinsa. Na yi shekaru a bayan gilashin wani shagon canji, kuma kusan duk wanda ya shigo mini da takarda yana murmushi, a nan ya yi tuntuɓe. Lambobinka uku, daga yadda suka hau juna, duk na layin sayarwa ne. A matakin farko hakan daidai ne, tunda kai ne mai sayen dala, za ka biya 12.20. Amma a Lome kai ne mai kawo dala, a shago na uku kuma kai ne mai kawo sefa, saboda haka a waɗannan biyun layin saye ne rabonka. Ƙa'idar ba ta da daɗi amma ba ta canzawa: a kowane mataki, cikin farashi biyun da ke allo, wanda ya fi cutar da kai shi ne naka.

Tunda ba ka aiko da layin saye ba, bari in sa lambobi na misali da suka yi kama da tazarar da ake gani, kai kuma ka musanya su da na gaskiya. Mu ce mai dala da sidi yana saye a 12.00 yana sayarwa a 12.20. Na Lome yana sayen dala a sefa 580 yana sayarwa a 590. Na uku yana sayen sefa dubu a sidi 21.60 yana sayarwa a 22.00. Zagayenka ya koma haka:

```
12,200 ÷ 12.20 = 1,000
1,000 × 580 = 580,000
580 × 21.60 = 12,528
```

Ka fita da 12,200, ka dawo da 12,528. Riba sidi 328, kusan kashi 2.7 cikin ɗari, kafin a cire ko kuɗin ruwan leda. Fiye da rabin 780 ɗin nan ya narke tun ba ka bar kujera ba.

Akwai hanyar gane ko ƙofa a buɗe take ba sai ka bi dukan zagayen ba, ita ce kuma na fi so ka riƙe. Farashi biyu na farko sun riga sun haifi na uku. In kana sayen dala a 12.20 kana sayar da ita a sefa 580, to kowace sefa dubu ta tsaya maka a 12.20 raba 580 sau dubu, wato sidi 21.03. Wannan shi ne kuɗin da ka sayi sefa ta bayan gida. In kuma ka juya, ka ba da sefa 590 ka karɓi dala ka sayar da ita a 12.00, sefa dubu za ta kawo maka sidi 20.34. To ka samu iyaka biyu, 20.34 a ƙasa, 21.03 a sama. Sai ka ɗaga kai ka dubi allon shago na uku. In farashinsa na saye ya haura 21.03, akwai riba ta hanyar da ka bi. In farashinsa na sayarwa ya faɗo ƙasa da 20.34, akwai riba ta ɗaya hannun, wato ka fara sayen sefa a wurinsa, ka mai da ita dala a Lome, ka dawo ka sayar da dalar. In ba ɗaya daga cikin biyun da ya faru, babu komai, ko da lambobin sun yi kamar ba su jitu ba. A misalinmu 21.60 ta haura 21.03, kuma raba ta farko da ta biyu yana ba da kusan 1.027, ribar nan dai ta ɗazu.

Riba ba ta taɓa kasancewa a hannu biyu lokaci guda. Gwada juya wannan zagayen ka gani: sidi 12,200 a farashin 22.00 za su ba ka sefa kusan 554,545, su kuma a 590 dala 939.91, ita kuma a 12.00 sidi 11,279. Asarar 921. Kuɗi ɗaya, shaguna ɗaya, rana ɗaya, bambancin kawai ta wace ƙofa ka fara.

Wani tarkon ya fi wannan wayo, shi ne farashin tsakiya, irin wanda waya ke nunawa in ka tambaye ta canji. Lamba ɗaya ce da ke zaune tsakanin saye da sayarwa, kuma babu wanda zai yi ciniki da kai a kanta. Mu ce shago na uku yana sayen sefa dubu a 20.90 yana sayarwa a 21.40. Tsakiyarsa 21.15 ke nan, alhali tsakiyar da sauran biyun suka haifa, 12.10 raba 585 sau dubu, ita ce 20.68. Mai kallon tsakiya zai ce ga giɓin sama da kashi 2. Amma 580 sau 20.90 sidi 12,122 ne, ka yi asarar 78. Tazara uku kake biya a zagaye ɗaya, kuma sai giɓin ya fi su a haɗe kafin kwabo ya rage maka.

Da yake sefa ce a cikin lissafinka, kana da ma'aunin da mai naira ba shi da shi. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 kowace yuro ɗaya. Ma'ana farashin dala a sefa ba ya yawo yadda ya ga dama, yana bin yuro da dala ne. Duba EUR/USD, wato farashin yuro ɗaya a dala, a wayarka, ka raba 655.957 da abin da ka gani. In yuro tana dala 1.13, dala za ta kama sefa 580 da ɗan ɗoriya. Wanda ya ce zai sayi dalarka a 620 a irin wannan rana, ko dai farashin tsohon mako ne a bakinsa, ko akwai abin da bai faɗa ba. Daga cikin abin da ba a faɗa: sefa iri biyu ce. Ta Togo da Nijar da Burkina Faso bankin BCEAO ke buga ta, ta Kamaru da Chadi kuma BEAC. Darajarsu ɗaya a kan yuro, amma takardun daban ne, kuma 'yan canjin wannan yankin sukan rage farashi in ka kawo musu ta tsakiyar Afirka.

Harshe ma yana ƙirƙiro giɓin ƙarya. Ɗan'uwanmu na Nijar in ya ce dala, sau da yawa sefa biyar yake nufi, jaka ɗaya kuma sefa dubu, wato dala ɗari biyu a ƙidayarsa. A nan gida kuma, duk da an yanke sifiri huɗu daga sidi tun 2007, har yau akwai dattijon da zai ce maka miliyan ɗaya yana nufin sidi ɗari. Na taɓa zama da wani mai kawo albasa muna gardama minti goma a kan farashin da muka yarda da shi tun farko, shi yana ƙirga dalarsa ni ina ƙirga tawa. Kafin ka buga komai, sa kowa ya danna lambarsa a kalkuleta ka gani da idonka, ka kuma tabbatar sefa ɗaya ake nufi ko dubu.

To mu ce 328 ɗin gaskiya ce. Ita ce ake kira riba kafin a cire kuɗin da ka kashe, kuma ban da ita babu abin da lissafin nan ya yi maka alkawari. A manyan kasuwannin duniya bankuna suna kulle matakai ukun a lokaci ɗaya ta kwamfuta, shi ya sa giɓin can ƙanƙane ne kuma ba ya kai ƙiftawar ido. Kai kuwa tsakanin matakinka na farko da na ƙarshe akwai motar Tudu zuwa Aflao, da tsallaka boda, da dawowa. Tazarar da ke tsakanin 21.60 da 21.03 ba ta kai sidi ɗaya ba, 0.57 ce kacal. In ka dawo washegari ka tarar mai shago ya sauke farashin sayensa da wannan ɗan abin, ribar ta tafi, kuma sauke shi zai yi da zarar sefa ta fara yi masa yawa. Sau da yawa ma farashin ya hau ne don wani kwastoma yana jiran sefa 200,000, ba 580,000 ba. Ya sayi abin da yake buƙata a 21.60, ragowar ya yi maka sabon farashi. Dalar ma ba ɗaya ba ce a gun ɗan canji: sabuwar takardar ɗari ita ke cin farashin allo, 'yan goma da ashirin da tsofaffin bugu ana rage musu.

Sai maganar doka. Dokar canjin kuɗin waje ta Ghana ta 2006, mai lamba 723, ta hana yin sana'ar canji ba tare da lasisin Babban Bankin Ghana ba. Canza kuɗin sarinka a shago mai lasisi da karɓar rasit abu ne daban, mai da zagayen nan sana'ar kullum kuma wani abu ne da zai iya jawo maka tambaya, ga kuma ƙa'idar bayyana kuɗi a boda in sun kai adadin da aka kayyade.

A ganina inda lissafin zai fi yi maka amfani shi ne tafiyar da dama za ka yi. Kai sefa kake buƙata don biyan 'yan atamfa, ba sai ka rufe zagayen ba. Shago na uku zai sayar maka da sefa dubu a 22.00, ta hanyar dala kuwa ta tsaya maka a 21.03. A kan sefa 580,000, kai tsaye za ka biya sidi 12,760, ta dala kuma 12,200. Ka rage 560, mataki biyu ne maimakon uku, kuma kuɗin motar dama yana cikin kuɗin kaya. Kafin tafiyarka ta gaba, kira na Lome ka tambaye shi nawa yake sayen dala a ranar, ba nawa yake sayarwa ba, ka kuma tambaye shi har dala nawa zai iya ɗauka a wannan farashin.