Koko da ƙosai a Aboabo: mutum nawa ne za su saya?

"Malam, ina gaisuwa. Na kusa kwasar adashi, ina so in kafa tukunyar koko da ƙosai a bakin layinmu a Aboabo. Ƙanena ya ce Kumasi mutane miliyoyi ne, ko ɗaya bisa ɗari suka saya a wurina na yi arziki. Ta yaya zan san girman kasuwar tun kafin in zuba kuɗina?"

Hajiya, ina amsawa. Lissafin ƙanenki daga sama ya faro, shi ya sa ya yi daɗin ji. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum miliyan 5.4 a yankin Asante, inda Kumasi take, amma ba wanda zai shigo mota daga Bantama ko Tafo da asuba don ledar koko. Koko da zafinsa ake sha, kuma yawanci yaro ake aika da kwano. Saboda haka kasuwarki ta tsaya a inda yaro zai je ya dawo kafin ya huce, tafiyar kamar minti biyar a ƙafa. Babban titi ko kwata mai faɗi ma iyaka ce, don uwa ba ta son ɗanta ya tsallaka da sassafe.

Daga ƙasa za ki fara. Ki zagaya wannan da'irar da littafi, ki ƙirga gidaje. Inda ake yawan kuskure shi ne a ɗauki gida ɗaya a matsayin iyali ɗaya, alhali gidan haya na Zango yana iya ɗaukar iyalai da yawa, kowanne da murhunsa da aljihunsa. Ki shiga gida goma ki tambaya tukunya nawa ake ɗorawa. Bari in sa alƙaluma na misali, ke kuma ki canza su da naki: gida 120, kowanne iyali biyar, iyalai 600 ke nan.

Sai ki zaɓi iyalai 30 ki yi musu tambaya, kada su zama duk 'yan uwa da ƙawaye. Kada ki ce "in na fara za ku saya?" Kowa zai ce miki in sha Allahu, don kunya da kara. Ki tambayi abin da ya riga ya faru: a makon da ya wuce, safiya nawa kuka sayi koko, a wurin wa, na nawa? A ce 18 cikin 30 sun saya, wato shida cikin goma. A iyalai 600 ya zama 360. A ce kuma kowanne yana saye safiya huɗu a mako, yana kashe sidi 15 tsakanin koko da ƙosai.

360 × 4 × 15 = 21,600

Sidi 21,600 a mako, kusan 3,100 a rana. Akwai kuma masu wucewa: direbobin tirotiro da yaransu, 'yan koyon sana'a, masu tafiya kasuwar Kejetiya. Ki tsaya daidai inda kike son ajiye tebur daga ƙarfe shida zuwa takwas ki ƙirga. In mutum 400 suka wuce, ɗaya cikin goma ya tsaya wurin mai koko ya kashe sidi 8, an ƙara sidi 320. Ki cire fuskokin da kika sani na unguwa, don kin riga kin ƙirga su a gidajensu. Jimilla dai kamar sidi 3,400 a rana.

Wannan adadin daga bakin mutane ya fito, baki kuwa yana ƙari. Dole ki gwada shi da abin da ido ya gani, kuma a wurina wannan ne rabin aikin da ya fi muhimmanci. Masu koko nawa ne a cikin da'irar? A ce huɗu. Ki samu yaro mai hankali ga kowacce, ko ke da kanki ki bi su ɗaya bayan ɗaya, a zauna nesa kaɗan daga bayan sallar asuba har tukunya ta ƙare, duk wanda ya miƙa kuɗi a ja layi a takarda. A yi kwana uku, a sa Asabar ko Lahadi a ciki, don ranar da ba makaranta cinikin daban yake. A ce an samu masu saye 90, 70, 50 da 30, duka 240, kowanne yana kashe sidi 12 in an daidaita mai leda ɗaya da mai babban kwano. Ya zama sidi 2,880.

Kin ga hanya biyu sun kawo ki kusa da juna, 2,900 da 3,400. In haka ta faru, ki yarda da lissafin, ki riƙe ƙaramin. In kuwa na gidaje ya ninka na tukwane, akwai abin da ya ɓace miki. Ko dai waɗanda kika tambaya sun kambama, ko akwai mai damawa a cikin gida tana aika 'yan talla ba ki ƙirga ta ba, ko mutanen layin suna tsallakawa wani wuri saboda kokon nan bai yi musu ba. Na ukun labari ne mai daɗi a gare ki, amma sai kin koma kin tabbatar.

Yanzu rabonki. Kada ki raba 2,900 gida biyar ki ce ɗaya naki ne. Mai mutum 90 ta shekara da shekaru a wurin, ta san wanda ba ya son yaji da yawa, ta san wanda take bai wa bashi zuwa ƙarshen wata. Sabuwar shiga ta fi kama da mai mutum 30. Ki yi lissafin watannin farko a kan haka: sidi 360 a rana. Daga ciki za a cire gero, wake, mai, sukari, kayan yaji, kuɗin niƙa, gawayi, leda da ladan mai taya ki suya. Ki dama alonka ɗaya ta gero a gida ki ga leda nawa ta bayar, ki soya alonka ɗaya ta wake ki ƙirga ƙosai, daga nan za ki san ainihin abin da ke saura. In kashi ɗaya cikin uku ne, ribarki sidi 120 ce a rana. Ita za ki ɗora a kan zubin adashin da ya rage miki da cefanen gida ki ga ko ta ɗauka.

Akwai abu guda da zai sa in yarda ki ɗaga wannan adadi. Lokacin da kuke ƙirga, ki lura da ƙarfe nawa tukunyar babbar mai kokon take ƙarewa. In tana kife ta tun bakwai da rabi, yara suna komawa da kwano ba komai, ki ƙirga su su ma. Waɗannan kuɗi ne a hannu da ba su sami mai karɓa ba, kuma za ki same su ba tare da kin ƙwace wa kowa ciniki ba. In kuwa ƙarfe tara ta yi duk tukwane huɗun da saura, layin ya ƙoshi, gara ki duba wani lungu ko ki koma cinikin yamma.

Kada kuma ki ninka cinikin rana ɗaya da 365. A watan azumi cinikin safe yana mutuwa, ya koma lokacin buɗa baki, inda masu ƙosai na ɗan lokaci suke fitowa da yawa. Hutun makaranta yana rage na yara, ruwan sama na asuba kuma yana hana aike. Ki yi lissafin shekara da kwana 300, ki kuma rubuta kwanan watan da kika yi ƙirgar, don in cikin hunturu ne, lokacin da kowa ke neman abu mai zafi, adadin zai ɗan haura na sauran watanni.